Kada a Miƙa wa Malami Takardun Ɗalibai Ba Tare da Tsarin Rabon Maki Ba

A ƙarshen kowane zangon karatu, a makarantun sakandare da dama na arewacin Nijeriya, har ma da wasu sassan manyan makarantu, akan ɗauko ƙunshin takardun amsar jarrabawa a ajiye gaban wanda ba shi ya tsara tambayoyin ba, a ce ya gyara ya kawo maki kafin ranar Juma'a. Sau da yawa wanda ake ɗora wa wannan aiki shi ne mafi ƙarancin iko a wurin: ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo koyon koyarwa, ko sabon malamin da ya gaji ajin wani a tsakiyar zango, ko ƙaramin malamin jami'a da babban malami ya raba wa takardun ɗalibai ɗaruruwa. Idan ya tambayi ina takardar da ke nuna amsoshin da ake so da yadda za a raba maki, wadda malamai ke kira makin-sikim, sai a ce masa ai shi ma ya yi karatu, ya yi amfani da saninsa. Ra'ayina shi ne wannan umarni bai halatta ba a aikin koyarwa, kuma wanda aka ba shi yana da haƙƙin ya dakata har sai an samar da tsarin rabon maki a rubuce, domin tambayar jarrabawa ba ta kammala ba matuƙar wanda ya yi ta bai rubuta amsarta da rabon makinta ba.

Masu ba da wannan umarni suna ɗauka cewa sanin amsa shi ne sanin gyara, alhali abubuwa biyu ne daban. Malamin da ya ƙware a fanninsa zai gane amsar da ta yi daidai ɗari bisa ɗari, zai kuma gane wadda ta kauce gaba ɗaya, amma mafi yawan takardun ɗalibai ba sa faɗawa cikin ɗayan waɗannan biyu. Suna tsakiya ne: ɗalibi ya kama hanya ya yi tuntuɓe, ko ya kawo rabin abin da ake nema, ko ya bi wata hanyar da mai tambaya bai yi tunaninta ba. A wannan tsakiyar ce ake yanke hukuncin wanda ya ci da wanda ya faɗi, kuma ilimin fanni kaɗai ba ya gaya wa mai gyara nawa zai bayar, sai dai shawarar da aka yanke tun farko aka rubuta.

Bari mu ɗauki tambaya guda ta lissafi, irin wadda ake ba ɗaliban babbar sakandare, domin a lissafi ne mutane suka fi zaton babu saɓani. An ce ɗalibi ya warware 2x² − 5x − 3 = 0, an kuma rubuta maki 6 a gefen tambayar. Amsar ita ce x = 3 ko x = −1/2, kuma duk malamin lissafi zai fitar da ita cikin minti ɗaya. To, ga takardu huɗu. Ɗaliba ta farko ta rubuta amsoshin biyu daidai, amma ba ta nuna aiki ko layi ɗaya ba. Ɗalibi na biyu ya rubuta sananniyar ƙa'idar warware irin wannan lissafi daidai, ya saka lambobin a gurabensu daidai, sai dai da ya zo wajen b² − 4ac ya manta cewa ragi sau ragi yana ba da ƙari, ya rubuta 25 − 24 = 1 maimakon 25 + 24 = 49, daga nan ya ci gaba da aiki tsaf har ya sami 1.5 da 1. Ɗalibi na uku ya raba lissafin gida biyu, (2x + 1)(x − 3) = 0, amma ya rubuta x = 3 kawai ya tsaya. Ta huɗu kuwa ta bi doguwar hanyar cike murabba'i, wadda wataƙila malamin ajin bai koyar ba, ta kuma isa ga amsa daidai.

Idan aka ba malamai biyu waɗannan takardu babu wani tsari, mai duban amsar ƙarshe zai ba ɗaliba ta farko 6, ya ba na biyu sifiri, ya ba na uku 3. Mai duban aiki kuma zai iya ba ta farko 1 ko ma ya hana ta komai, bisa zargin leƙe ta yi, ya ba na biyu 4, ya ba na uku 5. Babu wanda za a ce ya yi rashin gaskiya a cikinsu, tunda kowa ya yi amfani da saninsa kamar yadda aka umarce shi. Amma da mai tambayar ya rubuta cewa maki 1 na rubuta ƙa'ida ne, 1 na saka lambobi, 1 na samun 49, 1 na ci gaba da aiki ta hanyar da ta dace, sannan 1 ga kowace amsa, ya kuma ƙara layi biyu da ke cewa duk wata ingantacciyar hanya karɓaɓɓiya ce da kwatankwacin wannan rabo, kuma amsa ba aiki maki 2 kawai za ta samu, da duk wanda ya riƙe jan biro zai ba ɗalibi na biyu 3, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne tsarin da ake bi a gyaran lissafi na manyan jarrabawoyi, inda ake rarrabe makin hanya, mai alamar M, da makin dacewar amsa, mai alamar A, wanda ba a bayar da shi sai an sami makin hanyar da ya rataya a kansa, da kuma makin da ke tsaye da kansa, mai alamar B.

Wani zai ce maki 3 ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Sai dai ɗalibin da ke da rauni wajen alamar ragi ba sau ɗaya zai yi wannan kuskure ba. A ce jarrabawar tambayoyi goma ce, kowace maki 6, jimla 60, sauran 40 kuma na gwaje-gwajen cikin zango ne. Idan ya yi irin wannan tuntuɓe a tambayoyi huɗu, bambancin da ke tsakanin mai gyara na farko da tsarin da aka rubuta ya zama maki 12. A ma'aunin da makarantu da yawa suka ara daga WAEC, maki 12 shi ne tazarar da ke tsakanin 38 da 50, wato tsakanin F9 da C6, tsakanin yaron da za a ce ya maimaita aji da wanda za a ce ya ci da kiredit. Takarda ɗaya ce, ɗalibi ɗaya ne, abin da ya bambanta kawai shi ne hannun da ƙunshin ya faɗa. A kasuwa babu wanda zai yarda a auna masa hatsi da tafin hannu alhali ga mudu, amma mun yarda a auna ƙoƙarin 'ya'yanmu na wata uku ta haka.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun a shekarun 1912 da 1913 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka aika da kwafin takardun ɗalibai ga malaman makarantu da yawa domin kowa ya gyara da kansa. A takardar lissafin siffofi guda ɗaya, makin da malamai sama da ɗari suka bayar ya tashi daga ƙasa da 30 zuwa sama da 90 cikin ɗari. Waɗannan duk malaman fannin ne, ba 'yan koyo ba, wanda ke nuna cewa ƙwarewa ba ta isa ta haɗa kan masu gyara ba.

Hukumomin jarrabawarmu sun san da haka, shi ya sa WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda ta fara gudanar da jarrabawar kammala sakandare a shekarar 2000, ba sa sakin takarda ko ɗaya ga mai gyara kafin a yi zaman daidaitawa. Manyan masu gyara sukan zauna su tantance tsarin rabon maki, su kwatanta shi da abin da ɗalibai suka rubuta a zahiri, sannan a sauko da shi ga shugabannin rukuni, su kuma su zauna da sauran masu gyara. A wurin akan raba kwafin wasu takardun gwaji, kowa ya gyara, a kwatanta maki, a yi muhawara kan inda aka saɓa har a tsaya a kan magana ɗaya. Bayan an fara gyaran gaske ma shugaban rukuni yakan ciro wasu daga cikin takardun da kowa ya gyara ya sake dubawa. A insha'in Ingilishi na WAEC, alal misali, maki 50 ɗin an kasa su huɗu: 10 na abin da rubutun ya ƙunsa, 10 na tsarinsa, 20 na sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu, inda ake cire rabin maki kan kowane kuskure. Abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga cikin manyan malaman da ke halartar waɗannan zama duk shekara, waɗanda ba za su taɓa yarda su gyara takardar WAEC babu tsari ba, su ne ke komawa makarantunsu su miƙa wa ɗan bautar ƙasa takardun aji uku hannu rabbana. Ga shi kuma makin cikin makaranta ba a makaranta yake tsayawa ba, domin da shi ake yanke ƙarin aji, da shi ake zaɓen wanda zai shiga ajin kimiyya, kuma ana aika makin gwaje-gwajen ɗalibi ga hukumomin jarrabawa domin a haɗa da sakamakonsa na ƙarshe.

A darussan da ake amsawa da dogon bayani lamarin ya fi muni. A ce tambayar Tarihi ta ce a bayyana dalilan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, maki 20. Wani ɗalibi ya jero dalilai takwas, kowane a layi ɗaya. Wata ta kawo uku kawai, wato haraji mai nauyi irin su jangali, da gauraya addini da al'adun gargajiya a fadojin sarakuna, da takurawar da sarakunan Gobir suka yi wa jama'ar Shehu har ta kai ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, amma ta warware kowane ɗaya da hujja a cikin shafi biyu. Wa ya fi? Amsar ta danganta ne da abin da mai tambaya yake nufi da kalmar "bayyana", da ko dalilai biyar yake so a maki huɗu-huɗu, ɗaya na ambato uku na bayani, ko kuwa huɗu a maki biyar-biyar. Wannan niyya tana cikin kansa, kuma mai gyara ba shi da hanyar shiga can. Idan babu abin riƙewa, sai ido ya koma kan abubuwan da ba su aka tambaya ba, kamar kyan rubutun hannu, da yawan shafuka, da sunan da ke saman takarda idan sananne ne. Haka nan hannun mai gyara yakan sauya a cikin ƙunshi ɗaya: takardun farko sukan sha tsanani domin yana auna su da cikakkiyar amsar da ke kansa, idan ya kai ta sittin kuma ya ga yadda ajin yake sai ya sassauta, ta yadda matsakaiciyar takardar da ta biyo bayan raunana guda biyar za ta yi masa kama da gwaninta.

Akwai wata fa'idar da ba a cika ambata ba, wadda a ganina ta isa hujja ita kaɗai. Rubuta amsa shi ne gwajin farko na tambayar kanta. Malamin da ya zauna ya amsa tambayoyinsa kafin a buga su, a nan ne zai gano cewa lamba ɗaya ta faɗi wajen kwafa har lissafin ba ya warwaruwa, ko tambayar tana da fuska biyu, ko makin da ya rubuta a gefe idan an tara bai kai jimlar da ke saman takarda ba, ko kuma aikin ya fi ƙarfin sa'o'i biyun da aka ware. Saboda haka idan aka ce babu tsarin rabon maki, abin da hakan ke nufi a mafi yawan lokuta shi ne babu wanda ya taɓa amsa wannan jarrabawa kafin a sa ta gaban yara. Dalilin ke nan da jami'o'i ke neman malami ya miƙa tambayoyinsa tare da amsoshinsu domin tantancewa a sashe, da kuma gaban mai duba jarrabawa na waje, musamman a shekarar ƙarshe.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba dukkansu ne na banza ba. Ana cewa idan aka rubuta amsoshi za su iya fita kafin ranar jarrabawa. Wannan tsoro gaskiya ne a inda satar amsa ta yi katutu, amma maganinsa a adana ne: a rubuta da hannu, a rufe a ambulan, a ajiye wurin jami'in jarrabawa, kada a buɗe sai an tattara takardar ƙarshe. Ai tambayoyin ma suna iya fita, amma ba a taɓa cewa a daina rubuta su ba. Ana kuma cewa lokaci ba ya isa, malami ɗaya yana ɗauke da azuzuwa masu ɗalibai fiye da ɗari, ga albashi ba ya zuwa a kan kari. Ban musa wahalar ba, sai dai tsarin tambayoyi goma ba ya cin fiye da zama ɗaya, kuma yana mayar da wannan lokaci ninki-ba-ninki, domin mai gyara ya huta da sake yanke hukunci ɗaya a kan kowace takarda.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malaman adabi da harshe, waɗanda ke cewa amsar misali takan zama tarko, har mai gyara ya riƙa neman kalmomin da ke cikinta kawai, ya hana maki ga ɗalibar da ta yi tunanin kanta ta kawo abin da ya fi na malamin kyau. Wannan yana faruwa, musamman a hannun wanda bai ƙware ba kuma yake tsoron kaucewa daga takarda. Amma laifin na mummunan tsari ne. Tsari mai kyau na tambayar sharhi ba ya cewa ga jimlolin da za a rubuta, yana cewa ne ga siffar amsar da ta cancanci 16 zuwa 20, ga ta 11 zuwa 15, ga ta ƙasa da haka, sannan ya lissafa wasu daga cikin abubuwan da za a iya kawowa, ya kuma rubuta a fili cewa duk wata ma'ana mai hujja a karɓe ta. A insha'in Hausa ma dole a faɗi tun farko ko za a cire maki idan ɗalibi ya yi amfani da karin harshensa, kamar Sakkwatanci ko Katsinanci, maimakon daidaitacciyar Hausa, da nawa za a cire kan rashin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ko kuskuren raba kalma, da iyakar abin da za a iya cirewa. Ɗaliba mai tunanin kanta ta fi samun kariya a ƙarƙashin irin wannan rubutu fiye da a hannun wanda babu abin da ya ɗaure shi.

Gane takardun da aka gyara babu tsari ba shi da wuya ga shugaban makaranta ko uban da ya nemi ganin takardar ɗansa. Za a ga dogon jan layi ya ratsa shafi, da lamba ɗaya a ƙasa, babu ƙananan maki a gefen matakan amsa. Za a ga makin ya taru a 5 da 10 da 15. Idan aka jera takardu biyu masu kuskure iri ɗaya, sai a ga makinsu ya bambanta. Idan kuma malamai biyu suka raba azuzuwa, sai matsakaicin makin wani aji ya yi wa na ɗayan nisa, alhali yaran tare suke tafiya a sauran darussa. Mafi ciwo shi ne ranar da ɗalibi ya yi ƙorafi. A jami'a yana iya neman a sake gyara takardarsa, amma idan babu tsarin da za a auna da shi, abin da zai samu shi ne ra'ayin mutum na biyu, kuma ƙaramin malamin da aka tilasta wa aikin shi za a bari da zargin son kai ko karɓar na goro, ba shi da takarda ko ɗaya da zai kare kansa da ita.

Wanda aka miƙa wa irin wannan ƙunshi ba koyaushe yake da ƙarfin cewa a'a ba, na san haka, musamman ɗan bautar ƙasa da ke jiran shugaban makaranta ya sa masa hannu a takardar shaidar aiki ta kowane wata. Abin da nake ba shi shawara shi ne kada ya fara da jan biro. Ya fara da amsa jarrabawar da kansa, ya duba littafin rubutun ɗaya daga cikin ɗaliban domin ya ga abin da aka koyar da su da yadda aka koyar, sannan ya ciro takardu goma zuwa goma sha biyar daga wurare daban-daban na ƙunshin ya karanta ba tare da ya sa maki ba, domin ya ga irin hanyoyi da kurakuran da ke maimaituwa. Daga nan ya rubuta rabon makinsa a shafi ɗaya ko biyu, ya kai wa wanda ya tsara tambayoyin, in ba ya nan ya kai wa shugaban sashe, ya roƙi a duba a sa hannu da kwanan wata. Idan su biyu ne ko uku za su yi gyaran, kowa ya gyara takardu biyar iri ɗaya da fensir, su kwatanta kafin su rabu, ko kuma su raba aikin ta tambaya maimakon ta aji, ta yadda hannu ɗaya ne zai gyara tambaya ta uku a takardun kowa. Idan a tsakiyar aiki ya ci karo da ingantacciyar amsar da bai tanada ba, ya ƙara ta a cikin tsarin, ya koma baya ya duba waɗanda ya riga ya wuce.

Wannan duk cike giɓi ne, kuma bai kamata nauyin ya tsaya a wuyan mafi ƙanƙanta ba. Gyaran na gaskiya yana hannun shugabannin makarantu da shugabannin sassa da jami'an ma'aikatar ilimi masu zagayen duba makarantu. Jami'in jarrabawa ya ƙi karɓar tambayoyin kowane malami, komai girmansa, sai an haɗo su da ambulan na amsoshi da rabon maki. Mai zagayen dubawa, kamar yadda yake neman rajistar aji da littafin shirin darasi, ya nemi tsarin rabon makin zangon da ya wuce tare da takardu biyar da aka gyara da shi, ya kwatanta. A makon farko na sabon zango kuma a mayar wa ɗalibai takardunsu, malami ya rubuta rabon makin a allo, kowane ɗalibi ya tara nasa da kansa, wanda ya ga an rage masa ya kawo takardarsa a duba a gaban ajin kafin a shigar da makin cikin babban kundin makaranta.